Gwada shuku a hoto: wace hanya ce ba ta taɓa goshi?

Saura mako uku bikin ƙanwata, ta kasa tsayar da kitson da za a yi mata na ranar kamu. Shuku take so, amma tana tsoron ya fito mata da goshi, don ita mai faɗin goshi ce, irin na gidanmu. Makitsiyarta tana Kubwa, mu muna Gwarinpa, kuma ƙananan kitso yini guda yake ci. Ba abu ne da za a yi yau a tsefe gobe ba idan bai karɓe ta ba. Wani dare sai ga saƙonta: "Yaya, duba min wannan, ya yi?" Ta saka hotonta a wata manhaja, manhajar ta ɗora mata gashi. Hoton ya yi kyau sosai, sai dai ba ƙanwata ba ce a ciki. Gashin ya sauko ya cinye kusan yatsa biyu na goshinta, hancin ya ɗan tsuke, fatar ta yi haske. Abin da take son sani shi ne yadda goshinta zai zauna da shuku, manhajar kuma ta amsa mata da goshin wata.

Gyaran hotunan biki shi ne sana'ata, don haka na ce ta bar min aikin. Hoto ɗaya na ɗauka na bi da shi ta hanyoyi uku, kuma abin da na gani shi zan kwatanta a nan.

Kafin nan, a gane abin da ya sa bakin gashi yake da wuya. Inda gashi ya haɗu da goshi ba layi ba ne da aka ja da biro. Wuri ne mai faɗin kamar rabin yatsa zuwa yatsa ɗaya, inda gashi yake farawa siriri, jefi-jefi, ana hango fata ta tsakaninsa, sannan ya yi ta cika har ya rufe kai. Gefen dama da na hagu ba su taɓa zama daidai ba. Ga mata da yawa kuma gefen ya ɗan ci baya saboda kitso mai tsauri da ɗaurin ɗankwali na shekaru. Ido ya saba da duk wannan ba tare da ya sani ba, shi ya sa da an maye gurbinsa da layi mai santsi sai mutum ya ji kamar hula aka kifa wa hoton, ko da bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba. Shuku kuwa ya fi kowane kitso tona asiri, domin gashin duka sama yake tafiya, babu abin da zai zubo ya rufe wurin.

Hoton da aka fara da shi ya fi manhaja muhimmanci. Na farko da ta yi amfani da shi da ɗankwali ta ɗauka, ya rufe bakin gashin gaba ɗaya. Abin da babu shi a hoto, kowace manhaja ƙirƙiro shi za ta yi. Na sa ta tsefe kai, ta taje gashin baya ta ɗaure, kunnuwa a waje, ta tsaya tana fuskantar taga da hantsi, bango mai haske a bayanta. Na tsaya ɗan nesa da ita, waya daidai tsayin idonta, na danna 2x. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu yana kumbura duk abin da ya fi kusa da kyamara, hanci da goshi ke nan, to ga mai tambayar goshinta wannan ƙarya ce tun daga tushe. Na kashe Portrait saboda yana dusashe gefen gashi, na kashe duk wani gyaran fata na wayar. Da zan tura hoton zuwa kwamfuta ta WhatsApp, a matsayin Document na tura shi, don turawar da aka saba tana matse hoto, kuma siraran gashin gaba su ne farkon abin da ke narkewa.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ya sani: manhajojin dannawa ɗaya, irin su FaceApp, wadda ta fito a 2017, da YouCam Makeup da makamantansu. Ka saka hoto, ka zaɓi salo daga jeri, ka jira daƙiƙa kaɗan. Iri biyu ne a cikinsu. Wasu hoton gashi ne a ajiye, sai su gano inda ido da haɓa suke su liƙa shi a kai. Waɗannan ba sa taɓa fuska, amma gashin yana zama kamar kwali, haskensa daban da na ɗakin. Wasu kuma sake zana kan suke yi gaba ɗaya, gashi da goshi da wani ɓangare na fuska, shi ya sa sakamakonsu ya fi kama da gaske kuma ya fi yaudara. Ba ka da ikon cewa a tsaya nan, kada a wuce. Matsala ta biyu ita ce jerin salon. Yawanci gashi ne mai santsi da ke zuba a kafaɗa. Da wuya ka ga shuku ko kalaba ko zane na gaske, idan ma ka samu kitso to manya ne guda biyu ko uku. Wannan hanya tana da amfaninta: idan tambayar ita ce dogon gashi ko gajere, ko a tara shi a sama ko a sake shi, cikin minti biyu za ka ga siffar kai. Tambayar ƙanwata ta fi haka ƙanƙanta, don haka hanyar ba ta amsa ta ba.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin da ake rubuta wa umarni su sake hoton, irin abin da ke cikin Gemini da ChatGPT. A nan an fi samun kitsonmu, domin kana iya bayyana shi dalla-dalla: ƙananan kitso, suna tashi daga goshi da ƙeya da gefe, suna haɗuwa a tsakiyar kai. Kalmar shuku kaɗai ba ta isa ba, sai an bayyana tafiyar kitson. Na gwada ɗaya daga cikin irinsu, na kuma rubuta ƙarara cewa kada a taɓa fuska, kada a matsar da bakin gashi. Kitson da ya fito ya ba ni mamaki don kyau. Amma irin waɗannan manhajoji ba gyara wani yanki suke yi su bar saura ba, sabon hoto suke zanawa daga farko, mai kama da na asali. Umarninka roƙo ne kawai, ba katanga ba. A karo na farko bambancin kaɗan ne, ɗan tabon da ke gefen girarta ya ɓace, bakin gashin ya miƙe ya yi tsaf kamar na 'yar tsana. Da na ce a rage girman shukun, sai aka zana daga hoton da aka riga aka zana, kama ta ƙara nisa. A karo na huɗu da na nuna wa mahaifiyarmu, cewa ta yi, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?" Wanda zai bi wannan hanya, duk gyaran da zai nema ya koma ya saka hoton asali, kada ya ɗora gyara a kan gyara.

Hanya ta uku ita ce ta hannu, wadda kai ne kake shata iyakar inda za a taɓa. Ana yin ta a Photoshop, ko a Photopea wadda kyauta ce kuma a burauza take aiki, kayan aikinta kusan iri ɗaya da na Photoshop. Ana iya lallaɓawa a waya da PicsArt, ko da Double Exposure na Snapseed, amma yatsa ba ya kai linzamin kwamfuta daidaito a wurin da ake lissafin rabin yatsa. Dabarar ita ce a jera hotuna biyu, na asali a ƙasa, mai sabon kitso a sama, sannan a goge na saman a duk inda ake son na asali ya bayyana. Fuskar da za a gani a ƙarshe ita ce ainihin wadda kyamara ta ɗauka, ba kwaikwayonta ba.

Tambayar ita ce daga ina sabon kitson zai fito. Ana iya aro daga hoton wata da aka yi wa shuku, amma sai kanta ya kalli inda na ƙanwata ya kalla, haske ya zo daga gefe ɗaya, siffar kai ta yi kusa. Na ɓata kusan awa ɗaya ina nema ban samu wanda ya zauna ba. Ana iya amfani da Generative Fill, wanda Adobe ta saka a Photoshop a 2023: ka kewaye wurin gashi kaɗai, ka rubuta abin da kake so, ya cika wurin ya bar saura. Wannan yana kiyaye fuska, sai dai kuɗin wata ake biya, kuma ƙananan kitso suna ba irin waɗannan kayan wahala, layuka suna haɗewa ko su ɓace a tsakiya. Abin da na yi a ƙarshe shi ne na haɗa hanya ta biyu da ta uku. Na ɗauki kitson nan mai kyau na karo na farko, na jefar da fuskar da ya zo da ita.

Ga yadda aikin ya tafi. Hoton asali fiksel 3000 ne a faɗi, 4000 a tsawo. Daga haɓarta zuwa bakin gashi na auna kusan fiksel 1200, a zahiri kuma wurin bai wuce santimita 18 ko 19 ba, wato santimita ɗaya ta kama kusan fiksel 65. Wannan lissafin shi ne ma'aunina a duk sauran aikin. Hoton da manhaja ta dawo da shi ya fi na asali ƙanƙanta, don haka na ɗora shi a sama na ja shi ya girma, na rage Opacity zuwa 50% don in riƙa ganin biyun lokaci ɗaya. Da ƙwayar ido na fara daidaitawa, sannan na duba saman kunnuwa. Ba a daidaitawa da hanci ko haɓa, su ne manhaja ta fi taɓawa. Da idanu suka hau kan juna, nan take ƙaryar ta fito: bakin gashin sabon hoton yana ƙasa da na gaske da kusan fiksel 70, fiye da santimita ɗaya. Da na bar shi a haka, da ta je Kubwa da tsammanin goshin da ba za ta samu ba. Sai na tura kitson sama har bakinsa ya hau kan nata, na ɗan lanƙwasa gefuna da Warp don su bi siffar kanta.

Daga nan na mayar da Opacity 100%, na saka Layer Mask a hoton sama. A cikinsa baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa. Da burushi baƙi na goge fuska duka, da kunnuwa da wuya. Wurin da aikin yake shi ne goshi. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya tsayar da gogewar daidai kan bakin gashi, inda fata ta ƙare. Haka yana sa mahaɗar hotuna biyu ta faɗo a wurin da ido ya fi kallo. Ni na wuce bakin gashin na shiga cikin gashinta da kusan fiksel 40 zuwa 60, ƙasa kaɗan da santimita ɗaya, na bar wannan zirin na gashinta na gaske a buɗe tun daga kunne zuwa kunne. Mahaɗar ta koma cikin gashi, baƙi ya haɗu da baƙi, inda babu mai lura. Siraran gashin gaba, da ɗan wurin da ya ci baya a gefen hagu, duk nata ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa na ce ta taje gashin baya ta ɗaure tun farko: tafiyar gashin zirin ta zo daidai da tafiyar shuku. Da kalaba take so mai zubowa gefe, da an raba gashin a taje shi gefe kafin a ɗauki hoton.

Laushin bakin gogewar ma yana da ma'auni. Na sa Feather a 15. Da na gwada 3 sai layi ya fito kamar an yanka da reza, da na gwada 50 sai wurin ya yi hazo, kitson ya zama kamar hayaƙi a gaba. A hoton da bai kai wannan girma ba sai a rage lambar daidai gwargwado. Bayan haka na ɗauki ƙaramin burushi fari, na jawo bakin kowane kitso ɗaya bayan ɗaya ya sauko cikin zirin, domin a kitso na gaske tsaga tana isowa har gaba, ba ta tsayawa a bayan wani shinge na gashi. Wannan kaɗai ya ci minti 20, kuma shi ne ya raba hoton da kamannin hular gashi.

Abu biyu suka rage. Launin fatar kai da ke cikin tsaga ya fito da ja-ja, bai dace da goshinta ba, sai na gyara shi da Hue/Saturation a hoton sama kawai. Ban mayar da shi daidai da goshi ba, na bar shi da ɗan haske, don fatar kan da kullum take rufe ta fi goshi haske. Sannan sabon kitson ya yi santsi fiye da sauran hoton. Kowace kyamara tana barin ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoto, abin da manhaja ta zana kuma ba shi da ita, balle an ja shi ya girma. Add Noise a 2% ya daidaita su. Aikin duka ya ci kusan minti 45.

Akwai gwajin da nake yi wa duk hoton da aka ce ba a taɓa fuska ba, kuma ko wanda bai iya gyaran hoto ba zai iya yin sa a Photopea. A ɗora sabon hoton a kan na asali, a daidaita su, a sauya yanayin haɗin na sama daga Normal zuwa Difference. Duk inda hotunan suke iri ɗaya zai koma baƙi ƙirin, duk inda aka taɓa zai yi haske. A aikin hannu fuskar ta zama baƙin rami, gashi kaɗai ke haske. A hotunan hanya ta farko da ta biyu kuwa gira, gefen hanci, leɓe da layin muƙamuƙi duk sun fito kamar zanen alli. Wanda ba shi da kwamfuta ya buɗe hotunan biyu a waya ya riƙa sauyawa tsakaninsu da sauri yana kallon gira. Idan tazarar gira da gashi tana motsi, an taɓa goshi.

Sai batun da ya kamata mace ta fara tunani kafin duk wannan: hoton nan ba ɗankwali, ina yake zuwa? Hanya ta biyu dole hoton ya bar wayarka ya je kwamfutocin kamfani. FaceApp ma can take aika hoto a sarrafa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a 2019. Generative Fill shi ma sai da intanet yake aiki. Gyaran hannu a Photopea kuwa a cikin na'urarka yake faruwa, ba a ɗora fayil ɗin a ko'ina. Na gaya wa ƙanwata wannan kafin in saka hotonta a manhaja ta biyu, ta ce tunda ta riga ta saka a ta farko, in ci gaba. Wata ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiyarta. Ga irinta mafita ita ce aron kitso daga hoton 'yar'uwa ko ƙawa da ta yarda, a tsayar da ita a gaban taga ɗaya, a nisa ɗaya, a ɗauka, sannan a haɗa da hannu. Ya fi neman hoto a intanet sauƙin zama, don hasken ɗaya ne.

Ga maza lissafin ya ɗan juya. Ƙara gashi a hoto ya fi rage shi sauƙi, domin wanda yake son ganin kansa da ƙaramin aski ko tal-kwabo, siffar ƙoƙon kansa tana ɓoye a ƙarƙashin sumar, manhaja hasashe za ta yi. Wanda sanƙo ya fara yi wa sallama kuma ya yi hattara da hanya ta farko da ta biyu, suna yawan cike kusurwoyin goshi su ba shi layin da babu mai askin da zai iya fitar masa.

Idan aka ce in zaɓa, ga yadda nake gani. Mai son ganin tsawo ko siffa kawai, ko gashin da zai zubo ya rufe goshi, dannawa ɗaya ta ishe shi, kada ya ɓata lokaci. Mai neman ra'ayin salo, yana son ganin kitso iri biyar kafin ya tsayar, ya bi ta rubuta umarni, amma ya kalli gashin ya manta da fuskar. Duk kitso ko askin da zai bar goshi a buɗe, kuma za a kashe kuɗi da yini a kansa, sai hanya ta uku, ko da kuwa za a ba mai gyaran hoto ya yi. Abin da za a ce masa gajere ne: ya bar gashin gaba na asali, ya kuma turo hoton Difference tare da aikin.

Da na tura wa ƙanwata hoton ƙarshe ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta rubuto, "Yaya, goshin nan dai yana nan." Na ce yana nan, naki ne. Ta ce a hakan ma ya yi mata, amma a sauko da shukun baya kaɗan kada ya tsaya a tsakiyar kai, don tsayinsa yana ƙara wa fuskar tsawo. Wannan gyaran minti biyar ne tunda kitson yana hoton sama, daban da fuskar. Ranar Asabar muka kai wa makitsiyar. Ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu, ta ƙirga layukan gaba, ta ajiye, ta sa hannu ta shafa gefen kan amarya na hagu. Ta ce, "Anti, na hoton nan 24 ne a gaba. Gefen nan ba zai ɗauki ƙanana haka ba, in na ja shi zai ƙara ci. Zan yi 16, na gefe in sassauta, in bar mata na bakin nan ban kama ba." Na koma gida na buɗe hoton na faɗaɗa layukan gefen, don amarya ta ga na 16 ɗin kafin ranar zama.